Batir na mutuwa cikin dare: yadda za ka kama abin da ke shan wutar motarka da mita

Tun da na ba da labarin motar yayana a Tumfure, gefen garin Gombe, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: mota lafiya lau aka ajiye ta bayan isha'i, da asuba an murɗa makulli sai ƙas-ƙas-ƙas, ko ma shiru. An tara yaran unguwa sun tura, ko an roƙi maƙwabci ya ba da jam, ta tashi, ta wuni tana aiki, gobe kuma a koma gidan jiya. Yawancin masu tambayar har sun sayi sabon batir, bayan wata biyu shi ma ya bi sahun na farko.

Abin da nake so ka riƙe shi ne kada ka sake cire kuɗin batir sai ka auna. Abu uku ne ke kawo wannan matsala: ko batirin ya gaji, ko altaneta ba ta caja shi, ko akwai wani abu da ke shan wuta bayan an kashe mota. Mita ce ke raba gardama, kuma aikin yamma ɗaya ne.

Kayan aiki

Kana buƙatar maltimita, wato mitar auna wuta, mai lamba, wadda a gabanta akwai ramin da aka rubuta 10A. Ƙananan nan masu ruwan ɗorawa da ake sayarwa a shagunan kayan wuta na babbar kasuwar Gombe sun isa, kuma kuɗin batir ɗaya zai saya maka irinsu wajen goma. Sai dai da yawansu ramin 10A ɗinsu ba shi da fiyus a ciki, za ka ga an rubuta UNFUSED a gefensa. Irin wannan ba ta yafe kuskure, in ka yi ganganci wayarta ce za ta narke a hannunka. In da hali ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai fiyus.

Sai sifana mai lamba 10, wadda ita ce ke kwance taminal a yawancin motocin Japan, da sukudireba, da ƙaramar filaya ta zare fiyus, da tocila. Ka nemi maƙalai biyu masu bakin kada waɗanda ake sa wa tsinken mita, da guntuwar waya mai kauri ita ma da maƙali a kowane baki. Waɗannan maƙalan ba ado ba ne. Ba za ka iya riƙe tsinke biyu da hannu na tsawon minti arba'in ba tare da sun goce ba.

Kafin ka taɓa batir, cire zoben azurfa da agogon ƙarfe. Zobe in ya haɗa kan batir da jikin mota, cikin ƙiftawar ido yake yin ja. Kada kuma a sha taba kusa, domin batir na fitar da iska mai kamawa da wuta, musamman wanda aka gama cajinsa.

1. Fara wanke batirin daga zargi

Sa baƙin tsinke a ramin COM, ja a ramin da ke da alamar V, ka juya mita zuwa 20 a ɓangaren DCV. Ka bar motar ta huta aƙalla awa ɗaya bayan an kashe ta, domin batirin da ya fito daga caji yana nuna lamba sama da gaskiyarsa. Ɗora ja a kan +, baƙi a kan −.

Cikakken batir yana nuna wajen 12.6V. In ka ga 12.4V ya ɗan sauka, 12.2V rabi ne, 12.0V kuwa saura ƙiris. In kuma an yi masa caji sosai amma bayan ya huta ya tsaya wajen 10.5V, ɗaki ɗaya cikin shida na batirin ya mutu, babu ɓarawon da za ka nema.

Ka sa wani ya tada motar kana kallon mita. Lokacin da kik ke juyawa lambar za ta faɗi, amma bai kamata ta yi ƙasa da 9.6V ba a batirin da yake cike. In ta zube zuwa 8 ko 7, batirin ba shi da ƙarfi ko da a zaune yana nuna lamba mai kyau.

Gwaji mafi sauƙi kuma ba ya buƙatar komai sai haƙurin dare ɗaya. A cika batirin da caji, ka cire taminal na − ka ajiye shi gefe, ka kwana. Da safe in ya sauka alhali ba a haɗe yake da komai ba, shi ne mai laifi. In ka mayar da taminal mota ta tashi da bugu ɗaya, to cikin motar ne ake shan wutar.

Ka duba saman batirin ma. Ƙurar hunturu in ta haɗu da ruwan batir da ya tsattsafo, sai ta zama wata danshin dauɗa da wuta ke bi tsakanin kawunan biyu. Sa baƙin tsinke a kan −, ka riƙa taɓa robar saman batirin da jan. In mita na nuna wata lamba mai yawa, ka wanke shi da ruwan da aka jiƙa bekin soda a ciki, ka goge ya bushe, amma kada ruwan ya shiga cikin ɗakunan. Wannan yoyon ba zai fito a gwajin da ke tafe ba, shi ya sa ake kawar da shi tun yanzu.

2. Duba caji

Mota na aiki, mita na nan a kan batir, ya kamata ka ga tsakanin 13.8V da 14.5V. Kunna manyan fitilu da esi, ka ɗan taka totur. In lambar ta ƙi wuce 13V, matsalar caji ce: ko fanbel ya saki, ko altaneta ta gaji. Batirin bai mutu cikin dare ba, dama da yunwa ya kwanta.

Akwai al'adar da nake roƙon a daina. Wasu kan cire kan batir mota na aiki, wai in ba ta mutu ba altaneta na da kyau. A tsofaffin motoci masu kafireto an sha yi an tsira, amma a motar da ke da birenbos, wato kwamfutar inji, wutar na iya yin tsalle ta ƙone shi, ka tashi daga matsalar batir ka faɗa wadda ta ninka ta. Mita na ba ka amsar ba tare da wannan kasada ba.

3. Shirya motar kamar dare ya yi

Nan ne mutane da yawa ke ɓata gwajin tun kafin su fara. So ake motar ta ɗauka an rufe ta an tafi, alhali kai kana da hanyar kai hannu ga akwatunan fiyus, na cikin bonet da na ƙarƙashin sitiyari.

Kashe komai, ka zare makulli. Sauke gilashin direba tukuna, don kada motar ta kulle kanta makulli na ciki. Buɗe ƙofar direba, ka tura harshen makullin da ke gefen ƙofar da sukudireba har ya yi ƙara sau biyu, kamar an rufe. A wasu motocin kuma wani ɗan maɓallin roba ne a jikin ginshiƙin ƙofa, shi sai ka danne shi da wani abu ka ɗaure. Alamar ka yi daidai ita ce fitilar cikin mota ta mutu, hoton ƙofa ya ɓace daga dashbod. In bonet na da nasa maɓallin na ƙararrawa, shi ma a danne shi.

Kada ka manta ka ja hannun ƙofar ka saki harshen nan kafin ka rufe ta bayan an gama. In ka buga ƙofa harshe na kulle, za ka lanƙwasa makullin.

In motarka mai maɓallin tadawa ce, kai rimot ɗin cikin gida, nesa da ita. Muddin yana kusa, motar na jin sa, ba za ta yi barci ba. Abubuwan da kullum kake barinsu a soke, kamar cajar waya ko ɗan abin nan na sauraron karatu da ake sokawa a ramin laita, ka bar su yadda suke kwana. Ai su ma ana zarginsu.

Wani gargaɗi kafin ka kwance taminal: wasu rediyoyi na asali, irin na Honda da yawa, suna neman lambar sirri in wuta ta yanke musu. In ba ka da lambar, ka bi dabara ta farko da ke mataki na gaba sosai don kada wutar ta yanke ko na daƙiƙa ɗaya. Masu mota haibirid kuma, kada ku kusanci wayoyi masu ruwan lemo, wannan wuta ce mai kisa.

4. Sa mita a tsakani

Yanzu ka cire jan tsinke daga ramin V ka mayar da shi ramin 10A, ka juya mita zuwa 10A a ɓangaren DCA. Daga wannan lokacin mitarka ta zama kamar guntuwar waya. In ka kuskura ka ɗora tsinkayenta a kan + da − kamar ɗazu, ka haɗa batir da kansa kenan, tartsatsi zai tashi.

A gefen − ake aikin, ba a gefen + ba. Dalili kuwa, jikin mota gaba ɗaya − ne, don haka in sifana ta goce ta taɓa ƙarfe ba abin da zai faru. A gefen + kuwa gocewa ɗaya ta isa.

Sassauta notin taminal na − amma kada ka ɗaga shi tukuna. Maƙala jan tsinke a jikin taminal ɗin. Baƙin tsinke kuma ka danna shi a saman dalmar kan batirin, a tsakiya. Kana danne da shi, ka ɗaga taminal a hankali ya zare ta jikin tsinken, ka kawar da shi gefe, sannan ka kafa tsinken da kyau yadda ba zai motsa ba. Ta haka wuta ba ta yanke ba, ta dai canza hanya ta bi ta cikin mita. In wannan ya yi maka wuya, cire taminal ɗin, ka haɗa shi da kan batir da guntuwar wayar nan mai maƙalai, ka maƙala mita a gefenta, ka bar su tare. Sai motar ta yi barci ka cire guntuwar wayar, mita ta karɓi aikin. Wannan hanyar ta fi kare mita, domin wutar farko mai yawa ta wayar take bi.

In ka ga alamar − a gaban lambar, ba komai, tsinkayen ne suka juya. Lambar ita ce abin dubawa.

Muddin mita na tsakani, kada a murɗa makulli, kada a kunna fitila, kada a danna rimot. Kik kaɗai yana jan sama da amfiya ɗari, mitarka kuwa goma ce iyakarta. Ka faɗa wa yara da duk wanda ke tsaye, domin akwai mai zuwa ya ce bari ya taimaka ya gwada ko za ta tashi.

5. Jira ta yi barci

Da farko za ka iya ganin 1.5 ko 2 ko ma fiye. Kada ka ce ka kama ɓarawo. Kwamfutocin motar ne ba su kwanta ba, kuma ɗaya bayan ɗaya suke kwanciya, za ka ga lambar na sauka mataki-mataki. Tsohuwar mota ta shekarun 1990 tana iya natsuwa cikin minti ɗaya ko biyu. Na baya-bayan nan suna ɗaukar minti 20 zuwa 45, wasu har awa guda. Ka je ka yi sallah ka dawo, ya fi ka tsaya kana taɓe-taɓe. Wasu mitocin sukan kashe kansu bayan ɗan lokaci, sai ka sake kunna ta ba tare da ka taɓa tsinkayen ba.

6. Karanta lambar, ka yi lissafi

A ma'aunin 10A, 0.03 na nufin 30mA, 0.25 kuma 250mA. Kowace mota tana shan 'yar wuta ko tana barci, don agogo da ƙwaƙwalwar rediyo da mai sauraron rimot. Daga 0.02 zuwa 0.05 lafiya ne. Manyan motoci masu kayan lantarki da yawa kan ɗan haura haka kaɗan. In ta wuce 0.10 ta tsaya, akwai abin nema.

Ban ba ka shawarar komawa ma'aunin 200mA don ganin lamba dalla-dalla ba. Sai ka canza rami, wuta ta yanke, mota ta farka ta ja wutar da za ta ƙone ɗan fiyus ɗin mita. Ma'aunin 10A ya ishe ka.

To ga wurin da nake so a tsaya a yi tunani, domin shi ke hana asarar kuɗi. Ƙarfin batir a rubuce yake a jikinsa, misali 62Ah ko 75Ah. Abin da ake sha cikin dare kuwa lissafinsa shi ne lambar mita sau awannin da mota ta yi a ajiye. Ƙaramin ƙwan fitila mai 5W, irin na but, yana jan wajen 0.4A. A awa goma ya sha 4Ah ke nan. Lafiyayyen batir mai 62Ah da yake cike ba zai ko ji a jikinsa ba a dare ɗaya, sai mota ta yi kwana uku ko huɗu a ajiye. Kafin a kayar da irin wannan batirin tsakanin isha'i da asuba, sai ana jan wajen 3A ko fiye, kamar fitilun birki biyu masu 21W kowanne in suka kwana a kunne, waɗanda tare suke jan kusan 3.5A.

Saboda haka in mita ta nuna maka 0.3 ko 0.4 amma mota na mutuwa a dare ɗaya, matsala biyu gare ka. Akwai mai shan wutar, kuma batirin ya riga ya raunana ko ba ya samun cikakken caji. In ka gyara ɗaya ka bar ɗaya, za ka ce aikin bai yi ba.

7. Nemo layin

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce zare fiyus ɗaya-ɗaya kana kallon mita. Ɗauki hoton akwatin da wayarka kafin ka fara, domin in ka zare uku ka rikice, ba za ka tuna wanne ne na ina ba. Zare ɗaya, ka dubi mita na 'yan daƙiƙu. In lambar ta faɗi warwas, ka samo layin, ka karanta sunansa a murfin akwatin. Matsalar hanyar ita ce mayar da fiyus na iya tada kwamfutar da ke kansa, lambar ta yi sama, sai ka sake jira. A tsofaffin motoci ba damuwa. A sababbi, gara ka riƙa jera waɗanda ka zare a kan takarda bisa tsarinsu, ka mayar da su gaba ɗaya a ƙarshe. Fiyus na jakar iska, mai rubutun SRS ko AIRBAG, da duk soket mai launin rawaya, ka bar su.

Hanya ta biyu ita na fi so, domin ba a zare komai. Ka haɗa taminal da kan batir da guntuwar wayar nan, ka cire mita, ka mayar da jan tsinke ramin V, ka juya zuwa 200m a ɓangaren DCV. A bayan kowane fiyus mai ƙafa biyu akwai 'yan ƙarafa biyu da suka leƙo. Ɗora tsinke ɗaya a kowanne. Fiyus ɗin da ba wutar da ke bi ta cikinsa zai nuna 00.0. Wanda ake sha ta cikinsa zai nuna wata 'yar lamba da ta tsaya cak. A jan fiyus mai 10A, kowane 1mV na nufin kusan 0.13A na wucewa, don haka in ka ga 03.0 ana shan wajen 0.4A. Ka danna tsinken sosai ya huda ƙura, in ba haka ba lambar za ta yi ta rawa. In ka samu wanda kake zargi, sai ka mayar da mita tsakani ka zare shi kaɗai don tabbatarwa.

8. Fiyus hanya yake nunawa, ba ɓarawon ba

Bari in ba da labarin motar yayana a nan, domin ita ta koya mini wannan. Toyota Corolla ce ta 2005, batir 62Ah, kuma na biyu ke nan da ya saya cikin shekara guda. Ran Asabar bayan la'asar na je, muka tura ta ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Caji ya nuna 14.1V, altaneta ba ta da laifi. Na sa mita tsakani, muka zauna a benci muka sha shayi. Bayan rabin awa lambar ta kafe a 1.25.

Ya leƙo ya ce, "To ƙanina, ɗaya da ɗigo kaɗai? Wannan ne zai kashe sabon batir?"

Na ce, "Yaya, awa nawa motar nan take aiki a rana?"

Muka ƙirga. Daga Tumfure zuwa wurin aikinsa cikin gari bai fi minti goma sha biyar ba, ya dawo haka, esi a kunne, ga fitilu in dare ya yi. Sauran awa 23 da rabi a ajiye take, ana shan 1.25A, wato kusan 29Ah kowace rana, kusan rabin batirin. Tafiyar rabin awa ba ta mayar da wannan. Ranar da ya je Kumo ko Bauchi ya dawo, sai ta yi kwana biyu lafiya, shi ya sa ya ɗauka abin na zuwa ne yana tafiya.

Da na bi fiyus ɗin cikin bonet, na zare mai rubutun DOME, lambar ta faɗo 0.02. Amma layin nan ba fitilar rufi kaɗai yake ɗauke da ita ba, akwai fitilar but, da agogo, da wutar dindindin ta rediyo. Fitilar rufi a kashe take. Ta but kuwa ba a ganinta in an rufe, sai na kunna ɗaukar bidiyo a wayata, na ajiye ta ciki, na rufe, na buɗe. Bidiyon ya nuna duhu, ita ma ta fita. Saura rediyo, wanda ba na asali ba ne, irin mai babban allo ne da wani mai wayarin ya sa masa, haɗe da amfilifaya a ƙarƙashin kujera.

Na zaro rediyon, na haska bayansa da tocila. Bayansa da ɗumi kamar an gama amfani da shi, alhali awa guda ke nan da kashe mota. Irin waɗannan rediyoyi suna da wayar wuta biyu: rawaya ta wutar dindindin, ja kuma ta makulli, wadda ke gaya masa an kashe mota. Sai ga su an fere su an murɗe wuri ɗaya, an naɗe da baƙin tef da zafi ya narkar har yana manne wa yatsa. Yaya na danna maɓalli allo ya yi baƙi, ya ɗauka ya mutu, alhali a farke yake kwana. Kuma tunda bai mutu ba, shuɗiyar wayarsa mai tada amfilifaya ita ma ba ta mutu ba. Da na cire shuɗiyar lambar ta sauka 0.83, da na raba jar daga rawayar ta koma 0.03. Muka nemo wayar makulli ta asali a cikin soket ɗin motar, muka haɗa jar da ita, na sa dalma na rufe da kyau.

A abin da na gani a garin nan, kayan da aka ƙara wa mota su ne farkon abin zargi: rediyo, amfilifaya, tiraka, ƙararrawa, fitilun ado. Bayansu sai 'yar robar da ke danne maɓallin fitilar birki a saman feda, wadda zafi ke busar da ita ta farfashe. In ka ga gutsattsarin roba a kan tabarmar direba, zagaya baya ka dubi fitilun. Sai rile da ya manne, musamman na kwamfiresar esi, wanda ke jan amfiya uku zuwa huɗu. Shafa rilolin da yatsa bayan mota ta huce, wanda ka ji da ɗumi ka zare shi ka dubi mita.

9. In ka zare duka lambar ba ta sauka ba

To wutar ba ta ƙananan fiyus take bi ba. Dubi kan + na batir. Duk wata waya da ba ta kamfani ba da aka cusa ƙarƙashin noti, ka bi ta ka ga inda ta nufa. Sau da yawa ko fiyus ba a sa mata ba, wanda bayan shan batir haɗarin gobara ne.

In babu, saura altaneta. A cikinta akwai diyod da ke barin wuta ta fita zuwa batir ba ta dawo ba. In ɗaya ya lalace, sai wutar ta riƙa komawa cikinta da dare, kuma abin ruɗarwa shi ne da rana tana iya nuna caji kusan daidai. Alama ta farko, ka taɓa jikinta da asuba kafin a tada mota, in da ɗumi alhali inji ya yi sanyi, ita ce. Don tabbatarwa, cire mita da guntuwar waya gaba ɗaya yadda batir ya rabu da mota, sannan ka kwance babbar wayar bayan altaneta, ka naɗe bakinta da tef, ka cire soket ɗinta, ka sake sa mita ka jira. Kada ka sa sifana a notin nan batir na haɗe, domin wayar kai tsaye take daga +. In lambar ta sauka, kai altanetar wajen mai riwaya ya canza farantin diyod ɗin, ba lallai sai ka sayi wata ba.

In kuma gwajin ya nuna 0.03 lafiya lau, batir da caji duk lafiya, amma wata safiyar a tarar ta mutu, to mai zuwa ne jefi-jefi. Maimaita gwajin nan take bayan doguwar tafiya da esi a kunne, domin rile ya fi mannewa da zafi.

10. Mayar da komai, ka ciyar da batirin

Bayan gyara, sake gwajin tun daga mataki na uku, ka jira barcin, ka ga lambar da idonka. Sannan ka mayar da fiyus bisa hoton da ka ɗauka, ka kankare kan batir da taminal su yi haske, ka ɗaure yadda hannu ba zai iya juya shi ba. Jan tsinken mita kuma ka mayar da shi ramin V tun kafin ka ajiye ta, domin wata rana za ka ɗauko ta da sauri ka ɗora a batir.

Kada ka dogara da altaneta ta cika batirin da ya sha mutuwa. Kai shi wajen masu caji, ka ce a yi masa a hankali, wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, wato kamar 6A ga mai 62Ah, ya kwana a kai. In mai buɗewa ne a duba ruwansa tukuna, a ƙara tataccen ruwan batir, ba asid ba, ba ruwan famfo ba. Zafin Maris da Afrilu na ƙafar da shi da sauri. Batirin mota ba a yi shi don ya riƙa sauka har ƙasa ba, kowace mutuwa tana rage masa ƙarfi. Na yayana, da ya dawo daga caji ya huta, ya nuna 12.5V, wajen tadawa ya sauka 10.2V, muka mayar da shi. In naka ya kasa wannan gwajin, yanzu ne lokacin sayen sabo, tunda abin da zai cinye shi ya fita.

In ba ka samu damar gyarawa a ranar ba, cire taminal na − kowane dare ka mayar da safe. Agogo zai rikice, ƙararrawa ba za ta yi aiki ba, silo na iya ɗan rawa na 'yan mintuna bayan ka tada, don haka ka yi shi na kwana biyu ko uku kawai kafin Asabar ta zagayo.